Takardar A4 a Tafin Hannu: Yadda Ake Datse Gefen PDF Don Karatu a Waya

Ɗiyar yayata ce ta kawo mini ƙarar wayarta ana saura mako biyu jarrabawa. Malaminsu ya tura musu wani tsohon kundin kammala digiri ta WhatsApp, shafi 94, ya ce su karanta babi na biyu da na uku. Na same ta a tabarma ta kusa manna wayar a hanci, tana zuƙo rubutun da yatsu biyu, ta ja shi dama, ta komo hagu, ta sake ja. Kowane layi sai ta yi masa tafiya biyu kafin ta kai ƙarshensa.

"Kawu, ko dai wayar ce ta yi ƙarami, ko idona ne ya fara mutuwa," in ji ta.

Na karɓi wayar na mayar da shafin yadda yake buɗewa da kansa. Ga rubutu can a tsakiya kamar jerin tururuwa, hagu da dama kuwa fari fat. Na ce mata idonta lafiya lau, wayar ma ba ta da laifi. Wajen kashi 30 cikin ɗari na faɗin fuskar wayar yana tafiya ne wajen nuna mata farar takardar da ba a rubuta komai a kai ba.

Abin ya samo asali daga yadda aka gina PDF tun farko. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, kuma burinsa shi ne shafi ya fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta: kowane harafi a mazauninsa, kowane layi ya ƙare inda marubuci ya ƙare shi. Saƙon WhatsApp ko labarin da ke shafin intanet kamar ruwa yake, kowane mazubi ka zuba shi sai ya ɗauki siffarsa. PDF kuwa kamar faranti ne. In mazubin ya yi masa kaɗan, sai dai a ƙanƙantar da farantin gaba ɗaya, da abincin da bakin farantin. To, abin da waya ke yi ke nan: tana ɗaukar faɗin shafi duka, har da gefensa, ta matse shi ya shiga faɗin fuskarta.

Shi gefen ba a banza aka bar shi ba. A takarda yana da aiki: nan ake ɗinki ko a buga ƙusar ɗauri, nan babban yatsa yake riƙewa, kuma yawancin firintoci ba sa iya buga tawada har bakin takarda. Shi ya sa makarantu da yawa suke cewa a bar inci ɗaya da rabi ta hagu a kundin ɗalibi, saboda ɗauri, sauran ɓangarori uku kuma inci ɗaya-ɗaya. A irin wannan shafi, in ka lissafa, sama da kashi 40 cikin ɗari na takardar fari ne. A waya babu ɗinki, babu tawada, duk wannan fili asara ne.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Kafin a taɓa wata manhaja, akwai ɗan lissafi da zai gaya maka ko datsewar za ta biya bukata. Na yi wa ɗiyar tawa shi a bayan ambulan, da rula a hannu.

Wayarta irin wadda ake ce wa mai inci 6.5 ce. Wannan awon daga kusurwa zuwa kusurwa ne, ba faɗi ba. Faɗin fuskar irin wannan waya kusan milimita 68 ne, tsawonta kuma wajen milimita 150. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210. In ka raba 68 da 210 za ka samu kusan kashi ɗaya bisa uku. Wato duk abin da ke shafin ya koma sulusin girmansa. An buga kundin da rubutu mai girman 12, a ma'aunin da masu ɗab'i ke kira foyin, wanda 72 nasa ke yin inci ɗaya. In ka raba 68 da 210, ka ninka da 12 kuwa, abin da za ka samu bai cika 4 ba. Rubutun jarida, wanda dattawa ke cewa ya yi ƙanana, yakan kai 8 ko 9. Ita tana fama da abin da bai kai rabin wannan ba.

Yanzu a cire gefen. Inci ɗaya da rabi ta hagu milimita 38 ne, inci ɗaya ta dama milimita 25. Abin da ya rage na rubutu zalla wajen milimita 147 ne. A bar masa ɗan numfashi na milimita biyu kowane ɓangare, a ce 150. In ka raba 68 da 150, ka ninka da 12, za ka samu kusan 5.4. Rubutun ya ƙaru da kashi 40 cikin ɗari.

A nan ne nake saɓawa da masu tallar manhajoji, waɗanda ke nuna kamar da ka datse gefe shi ke nan an gama. Ƙarin kashi 40 ba ƙaramin abu ba ne, amma 5.4 har yanzu ƙanana ne ga wanda zai yi awa biyu yana karatu. Takardar A4 mai rubutu daga wannan gefe zuwa wancan ba za ta taɓa yin daɗin karatu a wayar da ke tsaye ba, ko da an aske gefenta tas. Dabarar tana cika ne idan aka haɗa datsewa da kwantar da waya. In ka kwantar da ita kana da faɗin da ya kai milimita 145, bayan an cire wurin kyamara da maɓallan gefe. Shafin da ba a datse ba zai ba ka rubutu mai girman 8 da ɗan ɗoriya. Wanda aka datse kuwa zai ba ka wajen 11.6, wato kusan yadda yake a takarda. Daga nan yatsa ba ya da aiki sai turawa sama.

Wannan lissafi yana koyar da wani abu da mutane kan manta: gefen hagu da na dama su ne kaɗai ke ƙara girman rubutu. Datse sama da ƙasa yana rage yawan turawa ne kawai. Saboda haka wanda ya yanke lambar shafi don ya samu fili, ya yi hasarar lambar, harafinsa kuma bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba. Ɗalibin da zai ambaci shafi a rubutunsa, ko wanda malami zai ce wa "ku buɗe shafi na 41", ya bar lambar nan a inda take.

Taga ce, ba almakashi ba

Kowane shafi a cikin PDF yana ɗauke da wasu akwatuna da ido ba ya gani, kowanne lambobi huɗu ne kacal. Babban cikinsu shi ne MediaBox, wanda ke faɗin girman takardar. Na A4 shi ne daga 0 zuwa 595 a faɗi, daga 0 zuwa 842 a tsawo, da ma'aunin foyin, ana fara ƙirga daga kusurwar ƙasa ta hagu. Akwai kuma CropBox, wanda ke gaya wa manhajar karatu iyakar abin da za ta nuna. In ba a sa shi ba, sai a ɗauka daidai yake da na farkon.

Abin da yawancin kayan datsewa ke yi shi ne sauya waɗannan lambobi huɗu. Kamar ka ɗauki kwali ka huda taga a tsakiyarsa ka ɗora kan takarda. Takardar tana nan yadda take a ƙarƙashi. Wannan yana da daɗi ta fuska biyu: rubutun ba ya dusashewa ko kaɗan, kuma in ka yi kuskure ana iya faɗaɗa tagar. Yana kuma bayyana abin da ke ba mutane mamaki, cewa fayil mai nauyin megabayit 12 yana nan a 12 bayan an datse shi. Wanda ke son rage nauyi don ya tsimi data, wani aikin daban yake nema.

Amma akwai haɗari a ciki, kuma ni kaina na taɓa faɗawa. Wata rana na so in aika wa wani shaidar cewa na biya kuɗi, sai na datse takardar bayanin asusuna, na bar layin biyan kaɗai. Bayan na tura ne na lura nauyin fayil ɗin bai ragu ba. Na buɗe shi da wata manhajar gyara, na ja tagar, sai ga komai ya dawo: abin da ya shiga, abin da ya fita, da ɗan abin da ya rage. Allah Ya sa mutumin na gida ne. Datse gefe ba ya goge komai. Wanda ke son ɓoye wani sashe na takarda, ya ɗauki hoton fuskar waya na wurin da yake son nunawa kaɗai ya aika hoton, ko ya yi amfani da aikin da ake kira Redact a manhajojin da ke da shi, wanda shi ne ke cire rubutu da gaske.

Hanya mafi sauƙi: bar fayil ɗin, sauya manhaja

Ga mafi yawan masu karatu, shawarata ita ce kada ma su taɓa fayil ɗin. Manhajar da ke buɗe PDF kai tsaye in ka latsa shi a WhatsApp yawanci mai sauƙi ce, ba ta san datsewa ba. Amma akwai manhajojin karatu na Android, irin su Librera da ReadEra da EBookDroid da Xodo da KOReader, waɗanda ke iya ɓoye farin gefe a lokacin da kake karatu. A cikin saitinsu za ka nemi kalmar Crop. Da ka kunna, manhajar za ta duba kowane shafi, ta gano inda tawada ta fara da inda ta ƙare, ta cika fuskar waya da wannan yankin. Wasu suna da alamar kwado da ke kulle shafi don kada ya riƙa zamewa hagu da dama in kana turawa. Kunna shi, yana hana ciwon kai.

Abin da muka yi wa ɗiyata ke nan da farko, cikin minti biyar. Iyakarsa ita ce gyaran yana zaune a wayarta kaɗai. Da ta tura kundin ga ƙawayenta, sai ya je musu da gefensa cif. Su goma sha ne a rukunin karatunsu, ba kuma kowacce ke da wurin saka sabuwar manhaja ba. Sai ta dawo: "Kawu, a gyara mana shi gaba ɗaya mana."

Akwai shafukan intanet da ke yin wannan, irin su Sejda da iLovePDF: ka ɗora fayil, ka ja akwati, ka sauke. Suna aiki, sai dai ka biya data sau biyu, hawa da sauka, kuma ka miƙa takardarka ga kwamfutar wasu. Ga littafin karatu babu damuwa. Takardar asibiti ko ta banki ko ta gado kuwa, ni ba zan ɗora ba.

Yadda muka datse kundin

Na fi son yin aikin a kwamfuta, inda nake ganin lambobin da idona. Matakin farko shi ne tambayar fayil ɗin inda tawadarsa take. Manhajar Ghostscript, wadda kyauta ce, tana yin wannan da umarni ɗaya:

```
gs -q -dBATCH -dNOPAUSE -sDEVICE=bbox kundi.pdf
```

Za ta jero lambobi huɗu ga kowane shafi: hagu, ƙasa, dama, sama. A yawancin shafukan kundin nan abin da ya fito bai yi nisa da 108 da 36 da 523 da 770 ba. Lambar 108 ita ce inci ɗaya da rabin nan na hagu, domin 72 da rabinta 36 sun yi 108. Lambar 523 kuma ita ce 595 a cire 72. Ita 36 ta ƙasa lambar shafi ce ta jawo ta, wadda ke zaune ƙasa da rubutu.

Da a ce na bar na'ura ta yi yadda ta ga dama, da umarnin ya fi haka gajarta:

```
pdfcrop --margins 6 kundi.pdf kundi-waya.pdf
```

Wannan pdfcrop ɗin yana zuwa ne tare da TeX Live, kuma abin da zai yi shi ne ya datse kowane shafi daidai da tawadarsa, ya bar foyin 6 kewaye. Na gwada don in nuna mata illar. Shafukan da suka cika da rubutu sun fito da kyau. Amma shafin sadaukarwa, mai layi biyu a tsakiya, ya koma wani ɗan siririn tsiri mai manyan haruffa kamar allon talla. Shafin da jerin sunaye ne gajeru ya fito da rubutu ya fi na maƙwabcinsa girma. Shafin farko kuwa ko motsi bai yi ba, saboda an zagaye shi da layin ado har kusa da bakin takarda, ita kuma na'ura ba ta bambance ado da rubutu. Karatu a irin wannan fayil yana gajiyar da ido, domin girman harafi yana tsalle daga shafi zuwa shafi.

Maganin shi ne a yanka wa dukkan shafuka riga ɗaya. Na ɗauki lambobin da suka fi yawa, na ƙara foyin 6 ta kowane ɓangare, na ba shi su da hannu:

```
pdfcrop --bbox "102 30 529 776" kundi.pdf kundi-waya.pdf
```

Faɗin da ya rage shi ne 529 a cire 102, wato foyin 427, kusan milimita 150 ɗin da muka lissafa a bayan ambulan. Wani ɗan tarko ga mai son gwadawa: a wajen `--bbox` jerin lambobin hagu, ƙasa, dama, sama ne, amma in ka ba `--margins` lambobi huɗu, jerin hagu, sama, dama, ƙasa ne. Na taɓa juya su na yanke kan babi na bar fili a ƙasa.

Ban tura mata nan take ba. Na koma jerin lambobin Ghostscript na nemi shafukan da suka fita daga sahu, na samu uku: jadawali ne masu faɗi a babi na huɗu, waɗanda suka kutsa cikin gefen dama har wajen 560. Rigar da na yanka ta cinye musu layin ƙarshe, inda jimilla take. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne muni a aikin datsewa, domin ba ya ihu. In harafi ya yanke rabi, kowa zai gani. In layin jadawali guda ya ɓace ɗungurungum, mai karatu ba zai san akwai shi ba. Tun da babi na biyu da na uku kaɗai aka ce su karanta, na bar shi haka na gaya mata shafukan, na kuma haɗa mata da asalin fayil ɗin. Da littafin da za a daɗe ana amfani da shi ne, da na ware shafukan ukun na yi musu tasu rigar.

Wani abin lura game da pdfcrop: yana sake gina fayil ɗin ne, don haka jerin babi-babin da ake latsawa a tsallaka, da mahaɗan da ke cikin rubutu, sukan ɓace. Kundin ɗalibi da ma ba shi da su. Littafi mai shafi 600 kuwa rashinsu babban rashi ne, gara a yi masa da kayan da ke sauya CropBox kaɗai.

Wanda baƙin allo da umarni ke ba shi tsoro, akwai Briss, ƙaramar manhaja ta kyauta da ke bukatar Java. Dabararta ta burge ni tun ranar da na fara ganinta. Tana ɗora shafukan littafin a kan juna kamar an haska su da fitila ta baya, sai ka ga inuwar rubutun duka wuri ɗaya. Inda inuwar ta yi duhu, nan rubutu yake. In wani jadawali ya leƙo waje, za ka hango shi dishi-dishi. Kai kuma ka ja akwati da linzami ka zagaye abin da kake so. Tana kuma raba shafuka masu lambar mara da masu lambar cika, kowane rukuni da akwatinsa. Wannan yana da muhimmanci ga littafin da aka buga gaba da baya, domin gefen ɗauri yana hagu a wannan shafi, yana dama a na bayansa. In ka yi musu akwati ɗaya, ko dai ka bar fili da yawa, ko ka yanke farkon layi a rabin littafin.

A Briss ɗin ne kuma ake samun riba mafi girma, wato a takardun da aka raba shafinsu gida biyu, kamar mujallun ilimi. Kowane gida faɗinsa bai fi milimita 80 da 'yan kai ba. In ka ja akwati biyu, ɗaya a kan kowane gida, manhajar za ta mai da kowanne shafi mai zaman kansa. Rubutu mai girman 10 zai fito wajen 8 a wayar da ke tsaye, ba sai an kwantar ba. Farashinsa shi ne yawan shafuka ya ninka, hoto ko jadawalin da ya ratsa gida biyun kuma ya rabe biyu.

Littattafan da aka yi wa sikanin

Duk abin da na faɗa ya fi tafiya daidai a PDF ɗin da aka haifa a kwamfuta. Da yawa daga cikin abin da ke yawo a wayoyinmu kuwa hoton takarda ne: an kifa littafi a kan na'ura a shagon kwamfuta, ko an ɗauka da kyamarar waya. Gane shi ba wuya. Danna yatsa a kan kalma ka riƙe. In ta ƙi zaɓuwa, hoto ne. In ka zuƙo sosai ka ga bakin haruffa ya yi burtsi-burtsi, shi ma alama ce.

A irin wannan, gefen ba fari ba ne a idon na'ura. Akwai baƙar inuwar tsakiyar littafi, akwai ɗigon datti a gilashi, akwai yatsan wanda ya danne shafin, wani lokaci da tambarin manhajar da aka ɗauka da ita a ƙasa. Ɗigo ɗaya a kusurwa ya isa ya sa datsewa ta atomatik ta tsaya a nan, ta ce ta ga rubutu. Ga shi kuma shafukan ba sa zama wuri ɗaya: wannan ya karkata, wancan ya matsa hagu. Akwati ɗaya ba zai dace da su ba sai an bar masa sarari sosai, ribar kuma ta ragu. Gyaran gaskiya shi ne a fara miƙe shafukan a daidaita su, aikin da manhaja irin ScanTailor ke yi: ta raba shafi biyun da aka ɗauka tare, ta miƙe karkatar, ta gano rubutu, ta sa sabon gefe. Aiki ne na yini, ba na minti biyar ba, ya dace da littafin da jama'a da yawa za su amfana da shi.

Sai kuma littattafan da gefensu ba fanko ba ne. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san littafin da matani ke tsakiya, sharhi ko hashiya na kewaye da shi a gefe. A Alƙur'ani, alamomin izu da nusufi da rubu'i da sumuni da wuraren sujada a gefe suke. A rubuce-rubucen hannu na malamanmu, na Larabci da na ajami, akan sami gyara da ƙarin bayani a gefe, wani a karkace, wani a kife, kuma a ƙasan shafi akan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba don a san jerin warƙoƙin da ba a ɗinke ba. Wanda ya ja akwati a kan matani kaɗai ya zubar da rabin ilimin. Irin waɗannan, a datse abin da ke wajen takardar kawai, wato baƙin fili ko teburin da aka ɗora ta, a bar takardar da gefenta.

Inda datsewa ta gaza

Da ɗiyata ta kwantar da waya ta buɗe sabon fayil ɗin, rubutu ya fito ɓaro-ɓaro, amma layi shida ko bakwai kaɗai take gani a lokaci guda, saboda an buga kundin da tazara biyu tsakanin layuka. Datsewa ba ta da abin da za ta yi wa wannan farin, domin a cikin rubutu yake. Ta ce ta yarda, turawa sama ta fi mata jan layi hagu da dama.

Wanda bai yarda ba, abin da ya rage masa shi ne a warware layukan a sake jera su daidai faɗin waya. Manhajojin karatu da yawa suna da wannan, sukan kira shi Reflow. Yana kyau ga labari zalla, yana kuma wargaza jadawali da lissafi da baitocin waƙa. Mu masu karanta Hausa muna da ƙarin matsala. Takardu da yawa da aka buga a shekarun baya an yi su ne da wasu haruffa na musamman, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a mazaunin wasu alamomi daban. A shafin PDF suna fitowa daidai, domin siffarsu na cikin fayil ɗin. Da manhaja ta zare rubutun ta sake zuba shi da nata haruffan, sai ka ga baka ko wata alama a inda ƙ take. Datsewa ba ta taɓa harafi, don haka lanƙwasarmu na tsira. Akwai manhajar k2pdfopt da ke bin wata hanya: tana yanka hoton layin ne kalma-kalma ta sake jerawa, saboda haka ba ruwanta da wane irin harafi ne, tana ma aiki a kan littafin sikanin. Sai dai shafukan sun koma hoto ke nan, fayil ɗin na iya yin nauyi.

Akwai kuma takardun da bai kamata a datse su ba sam: takardar shiga jarrabawa, takardar samun gurbin karatu, rasiɗi, da duk wadda za a buga a kai wani ofis. Lambar tantancewa da hatimi sukan zauna a gefe ko a ƙasa, kuma in aka buga fayil ɗin da aka datse, firinta na iya kumbura shi ya cika A4 ya fito wani iri. Takardar da ke da sa hannun lantarki kuwa, sauya mata akwati na iya sa manhaja ta nuna an taɓa ta bayan sa hannu.

Kafin ka tura wa kowa fayil ɗin da ka datse, buɗe shi a wayar kanta, ka duba shafi ɗaya mai lambar mara da ɗaya mai lambar cika, ka duba shafi mai jadawali mafi faɗi, da wanda ke da bayani a ƙasa. Ka ba shi sabon suna, ka ƙara masa kalmar "waya" a ƙarshe, asalin kuma ka ajiye shi yadda ya zo.